Kafin a yanka yadin labule da rigunan filo na Sallah

Idan Sallah ta gabato ko za a yi jeren amarya, mata sukan cika rumfunan Kantin Kwari da sauran kasuwanni suna neman yadin labule da na rigunan filon kujera. Mafi yawa launi da sheƙi suke dubawa, sai an kai ga wankin farko sannan a gane an yi asara. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne inda yadin zai zauna: rataye a taga ko ƙarƙashin hannun jama'a?

Filon kujera shi ne mai shan wahala. Ana jingina da shi, yara suna taɓa shi da hannun maiƙo, gumi yana ratsa shi. Nan wurin auduga ne, domin tana jure wanki da saɓa da guga mai zafi. Aibinta biyu ne: tana yamutsewa, kuma tana tsukewa a wankin farko da kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Don haka a jiƙa ta, a shanya, a goge kafin a kai wa tela, in ba haka ba rigar za ta ƙi komawa jikin filo.

Satin kuwa a labule yake nuna kansa. Santsinsa ke sa ya sauko ya kwanta, tattararsa ta jeru daidai. Amma zarensa na sama a kwance yake, farce ko zobe ko ƙarfen jaka yana iya fizgo shi, kuma fizgar ba ta gyaruwa. Shi ya sa bai dace da filon da ake amfani da shi kullum ba. Yawancin satin na kasuwa zaren roba ne: a wanke shi da ruwan sanyi ba tare da murɗawa ba, a goge ta baya da dutsen guga mai ɗumi kawai. A kuma nisanta shi da kaskon turaren wuta, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shi.

Leshi ado ne, ba sutura ba. Da rana yana tace haske, amma da dare idan aka kunna fitila na waje yana ganin na ciki. Dole a yi masa shafi ko a haɗa shi da labule mai kauri, wato kuɗi biyu ke nan. Ramukansa suna riƙe ƙurar hunturu, kuma ba ya son cuɗa. A filo, ya fi kyau a ɗora shi a fuska ɗaya bisa shafin auduga.

Wajen kuɗi ne aka fi ruɗuwa, saboda ana tambayar farashin yadi ba a tambayar faɗinsa. A ɗauki tagar da ƙarfen labulenta ya kai inci 60, ana son labulen ya sauko inci 90. Don ya yi tattara mai kyau, ana buƙatar ninki biyu na tsawon ƙarfen, wato faɗin inci 120. Kowane falle kuma a ƙara masa inci 10 na kalmasa sama da ƙasa, ya zama 100. Satin mai faɗin inci 60 falle biyu zai ci, inci 200, wato a sayi yadi 6. Auduga mai faɗin inci 45 falle uku za ta ci, inci 300, idan aka ƙara na tsukewa ya doshi yadi 9. Ke nan sai farashin audugar ya gaza na satin da fiye da kashi ɗaya cikin uku kafin a ce ta fi araha. Haka abin yake ga filo mai inci 16: yadi ɗaya mai faɗin 60 yana fitar da riga uku, mai faɗin 45 kuwa biyu kacal.

Kafin mai shago ya sa almakashi, a ɗora yadin a hannu a sake shi. Idan ya tsaya ƙiƙam, ba zai kwanta a taga ba, ko kuma sitati ne ya cika shi. A goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefensa. Idan launi ya fito, yana zuba. Mai shakkar ko auduga ce ta gaske, ta karɓi ɗan ƙyalle ta ƙona a waje: auduga tana warin takarda ta bar toka, roba tana narkewa ta dunƙule.

A ƙarshe, a sayi yadin taga ɗaya daga bandir ɗaya a lokaci guda, domin wanda za a dawo nema daga baya ba lalle launinsa ya zo daidai ba. A kuma sa tela ya saka wa rigunan filo zif, don a riƙa cire su ana wankewa.