Hoton Kyauta Ma Yana da Mai Shi

Wata ɗalibar makarantar sakandare a garin Waltrop na ƙasar Jamus ta shirya aikin aji a kan birnin Cordoba na Sifaniya. Ta shiga wani shafin tafiye-tafiye a intanet, ta ga hoton birnin da ya burge ta, ta ɗauko ta sa a aikinta, har ta rubuta sunan shafin da ta samo shi a ƙarƙashin hoton. Makarantar ta ɗora aikin a shafinta na intanet. Sai mai ɗaukar hoton, Dirk Renckhoff, ya kai ƙara, yana cewa shi wancan shafin kaɗai ya ba izini. Magana ta yi ta hawa har Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke a watan Agusta na 2018 cewa wanda zai ɗauki hoto daga wani shafi ya sake wallafa shi a wani, sai ya nemi sabon izini daga mai shi, ko da kuwa hoton a buɗe yake kowa na gani.

Abin lura a nan shi ne yarinyar ta faɗi inda ta samo hoton, amma hakan bai wadatar ba. Izini daban, ambaton mai abu daban, kuma duk mai shirya silaid, wato shafukan nan na PowerPoint da ake haskawa da majigi a aji ko a taro, yana bukatar su biyun. Haƙƙin mallaka yana hawa kan hoto ne tun daga lokacin da aka ɗauke shi, ba sai an yi masa rajista ko an buga masa tambari ba. Haka Yarjejeniyar Berne ta tanada, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Shi ya sa rubuta "Hoto: Google" a ƙasan silaid bai tsinana komai ba. Google bai ɗauki hoton ba, bai mallake shi ba, nuna hanya kawai ya yi.

To ina ake samun na halal? Mafi yawansu suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons ne, wata ƙungiya da aka kafa a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a ƙarshen 2002. Dabararsu mai sauƙi ce. Mai hoto ya ba duniya izini tun da wuri, bisa sharuɗɗan da ya zaɓa, sai a taƙaita sharuɗɗan da haruffa. BY na nufin a ambaci mai shi. SA na nufin wanda ya sarrafa hoton ya fitar da wani sabon abu, to shi ma ya sake shi da irin wannan lasisin. NC ya hana amfani da shi don kasuwanci, ND kuma ya hana yaɗa hoton da aka sauya wa kama. Akwai kuma CC0, inda mai abu ya yafe haƙƙinsa gaba ɗaya.

Cikin waɗannan haruffa, NC ne ya fi jefa mutane cikin ruɗu. Malamin firamare da ke koyar da ajinsa ba shi da matsala da shi. Amma mai shirya bita da ake biyan kuɗin shiga, ko mai tallar kamfaninsa ga masu zuba jari, ya shiga wurin da ake gardama, kuma abin da ya fi masa shi ne ya bar hoton NC ya nemi wani.

A ɗauki misalin malamar da za ta gabatar da darasi a kan sana'ar rini, tana son hoton marinar Ƙofar Mata ta Kano. Rumbunan hotuna irin su Unsplash da Pexels da Pixabay suna ba da hotuna masu kyau kyauta, har don kasuwanci, kuma ba su wajabta ambato ba, sai dai sun hana mutum ya kwashe hotunan yadda suke ya sayar. Matsalarsu ita ce sun cika da ofisoshin Turai da tekunan Asiya, hotunan ƙasar Hausa ƙalilan ne. Wurin da ya fi dacewa da ita shi ne Wikimedia Commons, rumbun da ke ciyar da Wikipedia da hotuna tun 2004, wanda yanzu ya haura fayil miliyan 100. Gasa irin ta Wiki Loves Africa, da aka fara a 2014, ta sa masu ɗaukar hoto na nahiyar nan sun zuba hotunan abinci da sutura da sana'o'i a cikinsa. Wani alherinsa kuma shi ne ba ya karɓar hoton NC ko ND sam, don haka duk abin da aka ɗora bisa ƙa'ida ana iya gyara shi, ana iya kasuwanci da shi.

Malamar za ta rubuta Kofar Mata dye pits a akwatin bincike, domin yawancin bayanan hotunan da Turanci aka rubuta su. Idan ta ga wanda ya yi mata, kada ta yi saurin kwafe ƙaramin hoton da ya fito a jerin sakamako. Ta danna shi har ta isa shafin fayil ɗin kansa. A can ƙasa akwai wani akwati mai layuka: Description, Date, Source, Author. Ƙarƙashinsa kuma sashen Licensing, inda lasisin yake a rubuce. Idan Source ya ce Own work, mai ɗorawar yana cewa shi ya ɗauka da kansa. Nan take, kafin ta rufe shafin, ta kwafe abubuwa huɗu: sunan hoton, sunan mai ɗauka, adireshin shafin, da lasisin tare da lambarsa. Wanda ya bar wannan aiki sai daren gabatarwa zai tarar da hotuna ashirin a wayarsa bai san asalin ko ɗaya ba.

A ce lasisin CC BY-SA 4.0 ne, kuma ta yanke gefen hoton don ya shiga silaid. Layin da za ta rubuta a ƙasansa zai zama kamar haka: "Marinar Ƙofar Mata, hoton Wane, daga Wikimedia Commons, CC BY-SA 4.0, an yanke gefe." Inda aka ce Wane, sai ta sa sunan daidai yadda mai shi ya rubuta, ko da laƙabin intanet ne mai lambobi a jiki, ba tare da ta gyara masa ba. Sai ta haskaka sunan hoton, ta danna Ctrl+K, ta liƙa adireshin shafin, ta kuma yi wa sunan lasisin haka. Wannan "an yanke gefe" ba ƙawa ba ce, domin lasisi na 4.0 ya wajabta a faɗa idan an taɓa hoton. Mutane da yawa kuma suna tsoron SA, suna zaton zai tilasta musu sakin dukan silaid ɗinsu kyauta. Ajiye hoto yadda yake a gefen rubutu bai jawo haka ba. Sharaɗin yana hawa ne kan sabon abin da aka ƙera daga hoton, kamar a haɗa shi da wani hoton ko a yi zane a kansa.

Lasisin bai ƙayyade wurin da za a sa layin ba, cewa ya yi a ambata ta hanyar da ta dace da irin aikin. Saboda haka ya halatta a tara duka a silaid na ƙarshe, ana nuna lambar silaid ɗin da kowane hoto yake. Amma sa shi a jikin hoton ya fi, da ƙananan haruffa masu girman 10 ko 12, masu karantuwa. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro: mutane na ɗaga waya su ɗauki silaid ɗaya su tura a WhatsApp, kuma shafin ƙarshe ba ya bin sa. Idan za a buga a takarda, mahaɗin da ake dannawa ya mutu, sai a rubuta adireshin a fili.

PowerPoint kansa yana da tarko. Idan aka bi Insert, aka shiga Online Pictures, aka bar alamar Creative Commons only, hoton yakan sauko da rubutu a ƙasansa mai cewa This Photo by Unknown Author. Wato ga lasisi, amma ba a san mai hoton ba. Wannan bai cika sharaɗin BY ba idan sunan yana nan a shafin asali, don haka sai an danna mahaɗin an je an duba. Haka ma matatar Usage rights da ke ƙarƙashin Tools a binciken hotuna na Google: tana rage tarkace, amma abin da shafuka suka faɗa game da kansu take maimaitawa, ba ta tantance gaskiyarsa.

Kuma akan yi ƙarya. Wani zai sato hoton jarida ya ɗora a Flickr ya manna masa CC BY, alhali wanda bai mallaki abu ba ba shi da ikon kyautar da shi. Alamun suna bayyana ga mai lura: hoto mai tsananin kyau amma ɗan ƙarami, babu bayanan kyamara, ko asusu ɗaya da ke da hotunan shugabannin ƙasashe goma. Minti biyu a TinEye ko Google Lens zai nuna ko hoton ya riga ya fito a wata jarida da sunan wani daban. Wanda kuma yake da tambarin Getty Images ko Shutterstock kwance a tsakiyarsa, na sayarwa ne, kuma goge tambarin ƙarin laifi ne.

Ƙananan alamomin nan da ake kira aikon, irin su zanen waya ko asibiti ko ɗigon ruwa, nasu ya fi sauƙi. A Noun Project, wanda bai biya ba yana samun su ne da sharaɗin ambato, har fayil ɗin yakan zo da rubutun Created by da sunan mai zanen a ƙasansa. Idan an cire rubutun don silaid ya yi tsaf, dole a mayar da sunan a wani wuri. Flaticon ma yana neman ambato daga masu amfani da shi kyauta. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya sai ya nufi Material Symbols na Google, masu lasisin Apache 2.0, waɗanda ba a tilasta rubuta suna a jikin silaid ba. Gara ma a ɗebi dukan alamomin daga gida ɗaya, kaurin layinsu ya zo daidai, ambaton kuma ya zama layi guda.

Akwai haƙƙin da lasisi ba ya taɓawa, shi ne na mutumin da ke cikin hoton. A 2007 kamfanin Virgin Mobile na Ostareliya ya ɗauki hoton wata yarinya Ba'amurkiya daga Flickr, mai lasisin CC BY, ya sa a allunan talla, iyalinta suka kai ƙara. Mai ɗaukar hoton ya ba da izininsa, amma ba wanda ya tambayi yarinyar. Wannan ya shafi ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan lafiya kai tsaye: sa fuskar wata mata da aka ɗauka a kasuwa a silaid mai magana kan cutar ƙanjamau ko bara zalunci ne gare ta, kome kyawun lasisin. A irin wannan wuri aikon ko hoton da ba a gane fuska shi ne daidai.

Idan kuma an riga an yi kuskure, lasisi na 4.0 ya bar ƙofa. Wanda ya karya sharaɗi izininsa ya faɗi, amma idan ya gyara cikin kwana 30 daga ranar da ya gano, izinin yana dawowa da kansa. Tsofaffin lasisi irin 2.0, waɗanda suka cika Flickr, ba su da wannan rangwame, kuma akwai masu hotunan da ke bin diddigi suna aiko da takardar neman diyya saboda layin ambato da bai cika ba. Saboda haka duk wanda silaid ɗinsa ke kan shafin makaranta ko na ƙungiya a yanzu, ya buɗe shi ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka san mai shi a rubuta sunansa da lasisinsa, wanda aka rasa asalinsa kuma a cire shi a sa wani.