Iya Kuɗinka, Iya Shagalinka: Dalilin da Kamfanin Inshora ke Zaftare Diyyar Gobara

Duk lokacin da gobara ta tashi a kasuwa, kamar wadda ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, shawarar da ake ba 'yan kasuwa ita ce su yi wa dukiyarsu inshora. Sai dai ko a cikin waɗanda suka yi, akwai masu fitowa daga ofishin kamfani suna cewa an cuce su: wuta ta ci musu kayan miliyan ashirin, inshorarsu ta miliyan talatin ce, amma abin da aka ba su bai kai ashirin ɗin ba. Sau da yawa musabbabin wannan giɓi wani sharaɗi ne da ke cikin takardar yarjejeniya, wanda masu harkar ke kira abareji, kuma da wuya mai shago ya karanta shi kafin ya sa hannu.

Abin da sharaɗin ya ƙunsa shi ne, idan adadin kuɗin da ka yi wa kayanka inshora bai kai ainihin darajar kayan ba a ranar da asarar ta auku, to ana ɗaukar cewa ragowar kai ka ɗauki nauyinta da kanka. Don haka duk asarar da ta faru, babba ko ƙarama, raba ta za a yi tsakaninka da kamfani gwargwadon kason kowa. Lissafin kuwa ga shi:

diyya = (adadin inshora ÷ ainihin darajar kaya) × asara

Bari mu buga misali da wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. A ce a 2022 ya ƙirga kayan shagonsa suka kai naira miliyan 30, ya yi musu inshorar gobara a kan wannan adadi, kuma kowace shekara yana sabuntawa ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Wata rana da dare wayar lantarki ta haddasa wuta, ta ci ɗakin ajiyarsa na baya kafin 'yan kwana-kwana su kashe ta. Kayan da suka ƙone da waɗanda ruwa ya lalata sun kai miliyan 20. Hankalinsa a kwance yake, domin a ganinsa ashirin ba ta kai talatin ba.

Kamfani zai turo jami'in ƙiyasta asara. Wannan jami'i ba tokar kaɗai zai duba ba. Zai ƙirga turaman atamfar da suka tsira a kan kanta, ya nemi rasiɗan sari da littafin shige da ficen kaya, ya gano darajar duk abin da ke cikin shagon a daren da wutar ta tashi, bisa farashin sari, ban da ribar da mai shago ke sa ran ci. A ce lissafinsa ya tsaya a miliyan 50. Ke nan inshorar miliyan 30 ta rufe kashi 60 ne kawai cikin ɗari na kayan. Kashi 60 na asarar miliyan 20 shi ne miliyan 12, kuma wannan ne kamfani zai biya. Sauran miliyan 8 mai shago ne zai ɗauka. In kuma yarjejeniyar ta ware wani ɗan adadi da mai kaya ke fara ɗauka a kowace asara, shi ma za a cire shi.

Nawa ne ya yi tattali har ya jawo wa kansa wannan? A ce kamfani na karɓar kobo 50 a kan kowace naira 100 a shekara. Inshorar miliyan 30 za ta ci naira 150,000, ta miliyan 50 kuma naira 250,000. Naira 100,000 da bai biya ba a shekarar ita ta sa ya rasa miliyan 8.

Kamfanoni suna da hujjarsu. Diyya daga asusun da kowa ya zuba kuɗi take fitowa, kuma yawancin gobara ba ta cinye komai ƙurmus, wani sashe take ci. Da babu wannan sharaɗi, da kowane mai kayan miliyan 50 sai ya rubuta 30, ya biya kuɗi kaɗan, sannan ya karɓi cikakkiyar diyya daidai da maƙwabcinsa da ya faɗi gaskiyar darajar kayansa ya biya cikakken kuɗi. Wannan hujja ta fi fitowa fili a tsarin takaful, inda asusun na mahalarta ne da ke taimakon juna, shi ya sa a nan ma ake samun irin wannan sharaɗi a yarjejeniyar dukiya.

Mafi yawan masu faɗawa wannan hali ba da gangan suka rage adadin ba. Tun da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Mai shigo da kaya zai iya samun yawan turamansa bai ƙaru ba, amma kuɗinsu ya ninka. Ga kuma kakar ciniki: shagon da ke da kayan miliyan 30 a sauran watanni yana iya cika maƙil da na miliyan 50 gab da azumi da sallah, kuma darajar ranar gobara ake bi. Masu gini su ma sukan rubuta abin da suka kashe shekaru goma baya, alhali abin da ake aunawa shi ne kuɗin sake ginawa da farashin siminti da rodi da kwano na yau, ban da kuɗin fili, tunda fili ba ya ƙonewa.

A kan yi lissafin abareji a kan kowane rukuni daban, wato gini daban, kayan sayarwa daban, don haka rarar da ke kan gini ba za ta toshe giɓin kaya ba. Zuzuta adadi ma ba riba ba ce: wanda ya yi wa kayan miliyan 50 inshorar miliyan 80 ba zai karɓi fiye da asararsa ba. Sharaɗin bai shafi inshorar rai ba, domin a can adadin da aka amince da shi ake biya.

Mafita ita ce mai dukiya ya ƙirga kayansa da farashin yau kafin kowace sabuntawa, kuma ya sanar da kamfani a rubuce in kaya sun ƙaru a tsakiyar shekara. Wanda hajarsa ke hawa da sauka ya tambayi irin yarjejeniyar da ake ɗora adadin a kan mafi yawan kayan da zai iya tarawa, yana bayyana abin da ke hannunsa wata-wata, a daidaita kuɗin a ƙarshen shekara. Rasiɗai kuma a ɗauki hotonsu a ajiye a wajen shago. In an yi lissafin da bai gamsar da kai ba, kana da damar neman bayaninsa a rubuce, ka kai ƙorafi ga hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya.

Ɗan kasuwa, ɗauko takardar inshorarka yau ka duba adadin da ke ciki, ka tambayi kanka ko wannan kuɗi zai sake cika maka shago a farashin yanzu. In ba zai cika ba, je ka ƙara adadin tun kafin buƙatar diyya ta taso.