Yadda Arkimidis ya yi wa kuskure shinge

A makaranta ana koya wa yara cewa π shi ne 22/7. Kusa da shi ne kawai. To, kusa kamar yaya?

Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, ya amsa wannan tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta. Kewayen da'irar ya fi na cikin tsawo, bai kuma kai na wajen ba. Daga nan ya samu:

223/71 < π < 22/7

Dabarar tana da kyau ƙwarai. Tunda π yana tsakanin lambobin biyu, kuskuren 22/7 ba zai kai tazarar da ke tsakaninsu ba, wato 1/497, kimanin 0.002.

A ce magini zai kewaye fili mai siffar da'ira, faɗinsa mita 10. Lissafinsa zai zarce gaskiya da abin da bai kai 10/497 na mita ba, kusan santimita 2. Ainihin kuskuren wajen santimita 1.3 ne, domin shingen iyaka kawai yake nunawa.

Sai dai shingen bai san kuskuren awo ba. In maginin ya kuskure faɗin da santimita 1, kewayen zai kauce da fiye da santimita 3.