Kumburin Ƙafar Mai Jego a Kan Takarda Ɗaya

Mu ɗauki wata mai jego, sati shida da haihuwa, an kawo ta asibiti ƙafafu sun kumbura suntum, idan ka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku. Likita ya ce zuciya ce ta gaza. Irin wannan ciwo na bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci suka yi nazarinsa a Zariya.

Abin da ake koya wa ɗalibar aikin jinya shi ne ta zana taswirar alaƙa. A tsakiyar takarda za ta rubuta "zuciya ba ta tura jini sosai", ta ja kibiyoyi daga nan, kowace da kalmar da ke bayyana dalili.

Kibiya ta farko ta nufi ƙoda. Jinin da ke isa gare ta ya ragu, sai ta ɗauka jiki ruwa yake nema, ta riƙe gishiri da ruwa. Ga asalin kumburin. A gabansa sai aikin nas: awon nauyi kowace safiya a sikeli ɗaya, bayan fitsari, kafin karin kumallo. Kilo ɗaya kusan litar ruwa ɗaya ce, don haka ƙarin da ya haura kilo 2 cikin kwana 3 magana ce ta kiran likita. Ta biyu ta nufi huhu, inda jini ke taruwa don ɓangaren hagu na zuciya ya kasa kwashe shi. Shi ya sa numfashi ke sarƙewa in ta kwanta, nas kuma ta zaunar da ita a jingine.

A ganina, inda ake gane ɗaliba ta fahimta shi ne kibiyar da ke tsallakawa daga reshe zuwa reshe. An ba matar furosemaid don ta fitsarar da ruwan, amma yana tafiya da sinadarin fotasiyam. Idan kuwa tana shan digoksin, ƙarancin fotasiyam na iya mayar da maganin guba. Wadda ta ja wannan layi, da ta ga tashin zuciya ko bugu ya sauka ƙasa da 60 a minti, za ta dakata da ƙwayar ta sanar da likita. Wadda ta jera abubuwa kawai, sai ta ce ai ciki ne ya ɓaci.

Akwai akwatin da ba kowane littafi ke kawowa ba, wato kwanon da uwarta ke shigowa da shi bayan la'asar. Kunun kanwa ne, kuma kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Kibiyarsa kai tsaye take komawa kan ƙoda. Nas ba za ta yi faɗa ba. Sai ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi haƙuri a bar kanwar nan tukuna, a dama mata na gero zalla."