Idan Sukari Ya Hau: Lambar Da Ba A Kwana Da Ita A Gida

Hawan sukari ba ya kayar da mutum farat ɗaya. Yawanci kwanaki yake ɗauka yana aiki a jiki, wani lokaci ma makonni, kuma a duk tsawon wannan lokaci yana nuna alamu. Matsalar ita ce alamun sun yi kama da abubuwan da muka saba da su. Mai ciwon yana ta shan ruwa, sai a ce zafin gari ne. Yana kasala, a ce gajiya ce. Ya fara amai, a ce maleriya ce ko taifot, a aika yaro kemis. Kafin a farga, sai dai a ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti.

Ƙishirwa da yawan fitsari su ne kan gaba, kuma yana da kyau a san dalilinsu. Ƙoda tana tace jini dare da rana, tana mayar da sukari cikin jiki don kada ya zube. Amma tana da iyaka. Da zarar sukarin jini ya wuce kimanin 180, sai ya fi ƙarfinta ya soma bin fitsari, kuma ba ya fita shi kaɗai, sai ya ja ruwan jiki sun tafi tare. Shi ya sa za ka ga mutum ya tashi fitsari sau huɗu ko biyar cikin dare, bakinsa a bushe, ga buta ga kofin ruwa a gefen gado amma ƙishirwar ba ta yankewa. Tsofaffinmu sun daɗe da lura cewa kiyashi na taruwa a inda mai wannan ciwo ya yi fitsari. Gani kuma yakan yi dishi-dishi, jiki ya riƙa zubewa ko da ana cin abinci, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Ga mata akwai ƙaiƙayin gaba da ke tafiya yana dawowa. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ga rama ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, gwajin sukari yake buƙata a ranar, ba duka ba.

Kafin a yi maganar lambobi, sai an san ma'aunin da na'urar gwaji take amfani da shi, don nan ne ake yawan rikicewa. Wasu na'urori suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma rubutun yana nan ƙanana a gefen lambar. Idan ka ninka na biyun sau 18, za ka sami na farkon. Ke nan 20 a na'urar mmol/L daidai take da 360 a ɗayar. Wanda ya ari na'urar maƙwabci ya ga 20 ya ɗauka sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas, har ya nemi abu mai zaƙi ya sha, ya jefa kansa cikin haɗari. A Nijar kuma takardun gwaji sukan zo da g/L, inda 3 take nufin 300. Lambobin da zan kawo a nan na mg/dL ne.

Mai lafiya da ya wayi gari bai ci komai ba, sukarinsa yana tsakanin 70 da 99. Idan gwajin safe kafin karin kumallo ya kai 126, ko kuma aka sami 200 a kowane lokaci tare da ƙishirwa da yawan fitsari, wannan alamar ciwon sukari ce, a je asibiti cikin kwanakin nan a tabbatar. Ga wanda ya riga ya san yana da ciwon, ganin 200 bayan ya ci tuwo da yawa ba abin gudu asibiti cikin dare ba ne, abin gyara ne da za a kai wa likita. Daga 250 ne ake soma tashi tsaye. Idan lambar ta kai 300 kuma aka sake gwadawa bayan awa biyu ba ta sauko ba, ranar nan za a ga likita, ko da mutum yana cewa garau yake jin kansa. Idan kuwa na'ura ta ƙi nuna lamba, ta rubuta HI, ba lalacewa ta yi ba. Sukarin ne ya wuce abin da take iya aunawa, wanda a yawancin na'urori 600 ne, a wasu 500. A wanke hannu a sake gwadawa sau ɗaya, in ta maimaita, a nemi mota.

Wanke hannun nan ba ƙaramin abu ba ne. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai iya ba da lambar ƙarya mai tayar da hankali. Haka tsinken gwajin da wa'adinsa ya ƙare, ko wanda aka bar kwalbarsa a buɗe.

Sai dai lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Mutum biyu za su iya nuna 280, ɗaya yana zaune yana hira, ɗayan kuma yana bakin mutuwa. Abin da ya raba su shi ne halin da jiki yake ciki. Idan insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, sukari yana cike da jini amma ba ya iya shiga tsoka. Sai jiki ya koma ƙona kitse, daga nan wani sinadari da ake kira kiton ya taru ya mayar da jini mai tsami. Alamunsa su ne tashin zuciya da amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri kamar na wanda ya sha gudu alhali yana kwance, da wani wari daga baki irin na ruwan goge jan farce. Wannan ya fi kama yara da matasa da duk mai allurar insulin, kuma yana iya tsananta cikin yini guda. Duk wanda sukarinsa ya kai 250 kuma yana da ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jira gari ya waye. Akwai tsinken gwada kiton a fitsari da ake samu a manyan shagunan magani; mai allurar insulin ya kamata ya aje shi a gida. Masu shan sababbin ƙwayoyin nan da ke fitar da sukari ta fitsari su lura da kyau, domin su kiton yana iya taruwa musu ko da lambar ba ta kai 250 ba.

Akwai haɗari na biyu da ya fi zuwa wa dattawa, shi kuma a hankali yake tafiya. Mu ɗauki misali. Dattijo ne mai shekara sittin da biyar, yana shan ƙwayar sukari, sai ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya ruru, zazzaɓi ya biyo baya. Da yake ba ya cin abinci, sai ya aje maganinsa, a ganinsa ba a shan magani da cikin wofi. Masu zuwa dubiya kuma kowa da ledarsa: lemon kwalba, zoɓo mai sanyi, kunun aya da ya ji sukari, wai ya samu ƙarfi. Ranar farko na'ura ta nuna 290. Rana ta uku 410, yana ta barci, harshensa ya bushe, idanunsa sun faɗa. Rana ta biyar ya soma kiran 'yarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu, matarsa ta ce, "Malam, ka san inda kake kuwa?" ya yi shiru yana kallonta. Aka gwada, na'ura ta rubuta HI. A irin wannan hali jiki ya yi asarar lita da yawa na ruwa, jini ya yi kauri, ƙwaƙwalwa ta soma rikicewa. Wasu har farfaɗiya suke yi ko ɓarin jiki ya saki, iyali su ɗauka shanyewar jiki ce ko iska.

Lokacin da ya dace a kai dattijon nan asibiti shi ne ranar farko, domin ciwo a ƙafa da zazzaɓi da sukari kusan 300 sun isa dalili. Kuskurensa na aje magani kuwa kuskure ne da mutane da yawa ke yi. Rashin lafiya kan sa jiki ya saki sinadaran da ke ɗaga sukari, don haka yana iya hawa ko mutum bai sa komai a bakinsa ba. Mai allurar insulin ba ya daina ta don ba ya cin abinci; yana ƙara yawan gwaji ne, kamar duk bayan awa uku ko huɗu, ya tuntuɓi likitansa kan yawan da zai yi. Mai shan ƙwaya kuma da ke amai ko gudawa ya tambaya, domin akwai ƙwayoyin da ake dakatarwa a irin wannan lokaci, amma likita ne zai faɗa.

Ban da cuta da barin magani, akwai abu biyu da ke haddasa wannan a wajenmu. Ɗaya insulin da zafi ya lalata, wanda aka bari cikin mota ko kusa da taga. Mutum yana allura kullum amma kamar ba ya yi. Inda babu wutar firji, a sa shi cikin leda a aje a jikin randa ko tukunyar ƙasa mai sanyi. Na biyu magungunan ƙiba da wasu mata ke saye, da wasu haɗe-haɗen ciwon gaɓoɓi, waɗanda sau da yawa akwai deksametazon ko danginsa a ciki. Wannan magani yana ɗaga sukari sosai, har ga wanda bai taɓa sanin yana da ciwon ba.

Kafin a isa asibiti, idan mara lafiya yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwa zalla kaɗan-kaɗan. Kada a ninka masa ƙwaya, kada a tsaya dafa shuwaka ko zogale ana jiran su sauke lambar, kada kuma a ce ya fita ya zaga don sukarin ya ƙone, domin motsa jiki yana ƙara dagula lamarin idan akwai kiton. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai. Ban ga hikimar kiran wani ya zo gida ya rataya ƙarin ruwa ba: wata ledar ruwan sukari ce a ciki, sannan maganin wannan hali ya haɗa da ruwan gishiri ta jijiya, da insulin a hankali, da auna gishirin jini akai-akai, domin insulin yana saukar da fotashiyam, faɗuwarsa kuma na iya tsayar da zuciya. A tafi da na'urar gwaji da duk magungunan da yake sha, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka tarar cewa mai ciwon sukari ne, ga kuma lambar ƙarshe da aka gani.

Kada a rikita wannan da faɗuwar sukari, wato ƙasa da 70. Ita cikin mintuna take zuwa, da gumi da rawar jiki da yunwa, kuma maganinta abu mai zaƙi nan take.

Masu azumi ma wannan ya shafe su. Shawarar likitocin da suka yi nazarin ciwon sukari da Ramadan ita ce a karya azumi idan lambar ta wuce 300 ko ta sauka ƙasa da 70, ko da saura kaɗan a sha ruwa. Wanda tasa ta hau da ruwa zalla zai karya, sannan ya nemi likita.