Kyanwa Tana da Tsarki, Amma Cizonta Yana Kisa

Na gaji da jin maganar nan a Birnin Gwari: "Ai mage ce, ba kare ba." Kwanan baya wani muzuru da ba a san mai shi ba ya faɗo gidan maƙwabtanmu, ya cafki yarinya a tsintsiyar hannu tana shanya tuwo. Huda biyu ne ƙanana kamar na allura. Kakarta ta barbaɗa toka, ta ɗaure da tsumma, ta ce: "Kyanwar da ake alwala da sauran ruwanta ce za ta cuci mutum?"

Gaskiya ne malamai sun karantar da mu cewa kyanwa ba najasa ba ce. Amma wannan hukuncin ibada ne, bai ce bakinta ba ya ɗaukar ƙwayar cuta ba. Mutum ma mai tsarki ne, yana kuma shafa wa ɗan'uwansa tarin fuka. Sunan da muka raɗa wa cutar, haukan kare, shi ya yaudare mu. Kusan duk masu kamuwa da ita a duniya daga kare suke samu, amma kyanwa na ɗauka, saniya ma haka, da namun daji irin su dila. Mu da muke zaune a bakin dajin Kamuku da Kuyambana, ga karnukan farauta, ga na kan bola, wa ya san da wa magensa ta yi faɗa cikin dare? Kare mai cutar ya cije ta ta tsira, bayan makonni sai ta kawo mana ita har ɗaka.

Wasu kuma su ce ai yaƙushi ne kawai. Ƙwayar cutar a cikin yawu take, kyanwa kuwa wuni take tana lasar ƙafafunta. Haɗarin yaƙushi bai kai na cizo ba, amma in fata ta yage, a ɗauke shi da gaske. Ƙanƙantar rauni ma ba hujja ba ce, don haƙorin mage siriri ne, yana shiga da zurfi, bakin ramin ya rufe. Ciwon ya warke a sama, ƙwayar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci wata biyu zuwa uku ake yi ba a ga komai ba. Ran da mutum ya fara firgita da ganin ruwa, maƙogwaro ya shaƙe, sai a ce iskoki ne ko sammu. A lokacin kuwa magani ya ƙare, kusan babu mai tashi.

Abin yi na farko a gida yake, kuma ba ya cin kuɗi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. In babu famfo, wani ya riƙa tsiyaya ruwa daga buta, in ta ƙare a sake cikawa. A shafa ayidin in akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin dabbar da aka ƙona, kada kuma a ɗinke.

Daga nan sai asibiti, ranar, ba gobe ba. A fara da babban asibitin Jibril Mai Gwari. In babu allurar rigakafin haukan kare a hannu, a nemi takardar turawa Barau Dikko a Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika. Na san wahalar hanyar Buruku da kuɗin mota, amma ba abin da za a jira sai ranar kasuwa ba ne. Allurar ba ɗaya ba ce: ranar farko, bayan kwana 3, bayan kwana 7, sannan saura bayan mako biyu zuwa huɗu yadda likita ya tsara. A dantse ake yi, ƙaramin yaro a cinya, ba a ɗuwawu ba. Inda aka zubar da jini akwai wata ta daban da ake yi a cikin raunin kansa don ta tare ƙwayar kafin rigakafin ya kama jiki. Allurar tetanus da mai kemis zai yi maka tana da nata amfani, amma ba ta hana haukan kare. Hannu kuma in ya kumbura ya yi ja cikin kwana ɗaya, wata ƙwayar ce daban, tana son nata magani.

In magen ta gida ce, a killace ta kwana 10 ana kallo, allura kuwa a fara, kada a jira. Ta wuce kwanakin nan garau, likita na iya dakatar da sauran. Ta mutu, ko ta ɓace kamar muzurun can, a cika allurai duka, a sanar da malamin dabbobi, kada a taɓa mushen da hannu.

Mahaifin yarinyar nan sai da muka yi ta ja-in-ja kafin ya ɗauke ta zuwa asibiti, yana cewa: "Malam, ciwon fa har ya bushe." Iyaye, ku tambayi yaranku in kun ga tabon yaƙushi a jikinsu, don da yawa ɓoyewa suke yi saboda tsoron duka.