Yadda ake rubuta wasiƙar ƙalubalantar yankan albashi da aka yi bisa kuskure

Ma'aikacin da ke Shanga, Yauri ko Ngaski a Jihar Kebbi, wanda ofishin da ke lissafa albashinsa yake Birnin Kebbi ko Abuja, ba ya da damar zirga-zirga kullum don bin kadin kuɗinsa. Wasiƙarsa ce za ta yi magana a madadinsa, kuma wasiƙar da ta ce "albashina bai cika ba" kawai ba ta ba akanta abin da zai yi aiki da shi ba. Dole ta nuna layin da aka yi kuskure, dokar da aka saɓa, da adadin da ya kamata ya shiga asusu.

Ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a Shanga, wanda Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta shafa. Sashe na 4 na dokar ya ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100, ya ɗora wa mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10. Ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma kuwa sai su duba dokar jiharsu kafin su kafa hujja da wani adadi.

A ce albashinsa Naira 200,000 ne a wata, dukkansa ana lissafa fansho a kansa, kuma babu wani rangwamen haraji sai na fansho. Kashi 8 shi ne Naira 16,000. Amma takardar albashinsa ta nuna an cire Naira 20,000, wato an ɗora masa kashi 10 ba tare da wata yarjejeniya ba. An kuma cire harajin Naira 17,000, sai Naira 163,000 ta shiga asusunsa.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin sukan nemi a mayar musu da Naira 4,000 cif. Kuɗin fansho ana cire shi ne kafin a lissafa haraji, saboda haka idan ya ragu, haraji zai ɗan ƙaru. A ƙarƙashin Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, Naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji, Naira miliyan 2.2 da ke biye kuma ana karɓar kashi 15 a kanta.

Albashinsa na shekara Naira 2,400,000 ne. Idan aka cire fansho na daidai, Naira 192,000, saura Naira 2,208,000. A cire Naira 800,000, saura Naira 1,408,000. Kashi 15 na wannan shi ne Naira 211,200 a shekara, wato Naira 17,600 a wata. Ke nan abin da ya kamata ya karɓa Naira 166,400 ne, giɓin kuma Naira 3,400 a wata.

Bayan adireshi, kwanan wata, lambar ma'aikaci da matakin albashi, cikin wasiƙar zai iya kasancewa haka:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa a takardun albashina na Janairu, Fabrairu da Maris 2026 an cire mini Naira 20,000 kowane wata a matsayin fansho, maimakon Naira 16,000 da ta yi daidai da kashi 8. Idan aka gyara, harajina zai koma Naira 17,600, abin da zan karɓa kuma Naira 166,400, ba Naira 163,000 ba. Bambancin watanni uku ya kama Naira 10,200. Ina roƙon a gyara adadin daga albashi mai zuwa, a biya ni bambancin, a kuma ba ni amsa a rubuce."

A haɗa kwafin takardun albashin, bayanin asusun banki, da bayanin asusun fansho. Na ƙarshen yana da muhimmanci, domin doka ta ce a tura kuɗin fansho cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Idan bayanin ya nuna rarar Naira 4,000 ta shiga asusun fanshon, kuɗin bai ɓata ba, sai dai ba ya hannun ofishin albashi, kuma dawo da shi zai buƙaci sa hannun kamfanin fanshon. Idan kuma Naira 16,000 kaɗai ta shiga daga ɓangaren ma'aikaci, to sai wasiƙar ta tambayi inda rarar ta tsaya.

A miƙa wasiƙar ta hannun shugaban sashe, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da ma'aikaci zai riƙe. Wanda ake biya ta tsarin IPPIS zai bi ta jami'in da ke kula da tsarin a ma'aikatarsa. Idan albashi biyu suka wuce babu gyara babu amsa, sai a aika tunatarwa mai ɗauke da sabon jimillar giɓin, bayan haka a kai kwafin mai hatimi ga Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a.